BAYANI: Takardar izinin binciken gida, da iyakar abin da 'yan sanda za su iya fita da shi

A yawancin gidajen Jega da Aliero da Maiyama, zaure shi ne iyakar baƙo. Wasu magidanta har rubutawa suke yi a jikin ƙofa cewa ba a shiga, kuma aya ta 27 cikin Suratun Nur ta yi hani ga shiga gidan wani sai da neman izini da sallama. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya zo ya ƙarfafa wannan tsohuwar ƙa'ida a sashe na 37, inda ya ba da kariya ga sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya.

Sai dai kariyar tana da ƙofa. Sashe na 45 na kundin ya yarda a taƙaita wannan haƙƙi ta hanyar doka saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a da kare haƙƙin wasu. Babban mabuɗin wannan ƙofa shi ne takardar izinin bincike daga kotu, wadda ake kira waranti. Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar an nuna ta, gida da duk abin da ke cikinsa sun koma hannun hukuma. Doka ba ta ce haka ba. Takardar tana faɗin gidan da za a shiga da abin da za a nema, kuma abin da ya wuce wannan sai da wata hujja ta daban. Takarda ta biyu, wadda ba kasafai ake tunawa da ita ba, ita ce jerin kayan da aka ɗauka, wanda doka ta ce a rubuta a gaban shaidu a ba mai gida kwafi. A tsakanin waɗannan takardu biyu, ta shiga da ta fita, haƙƙin mai gida yake.

Dokokin da ake magana a kansu

Dokoki uku ne suka fi shafar wannan al'amari. Akwai Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015, wadda ta tsara binciken gida daga sashe na 143 zuwa na 157. Jihar Kebbi ta yi tata dokar a 2021 bisa tsarin ta tarayya, kuma da ita kotunan jihar ke aiki a laifukan jiha irin su sata. Akwai Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta hau kan kowane ɗan sanda a ko'ina yake a ƙasar nan. Sai Dokar Shaida ta 2011, wadda ke faɗin abin da kotu za ta yi da kayan da aka samo. Lambobin sassan da za a ambata a nan na dokokin tarayya ne, domin su ne tushe, lauyan da ke riƙe da shari'a kuma zai duba lambar da ta yi daidai da su a dokar jiha.

Don a ga yadda abin ke tafiya daki-daki, bari mu ƙaddara wani misali mu bi shi har ƙarshe. An sace babur ɗin wani ɗan kabu-kabu a Aliero. Bayan kwana huɗu, wani ya shaida wa 'yan sanda cewa ya ga an shigar da babur mai kama da shi gidan wani ɗan kasuwar albasa a Jega da daddare. Mai babur ya kawo rasidin saye, da lambar inji da lambar jikin babur a rubuce.

Daga ƙorafi zuwa sa hannun alƙali

Ɗan sandan da ke binciken ba shi da ikon rubuta wa kansa izini, baturen 'yan sanda na yankin ma ba ya bayar da waranti. Sai an je kotu. Sashe na 144 ya ce dole a gabatar da bayani a rubuce kuma bisa rantsuwa, wanda zai gamsar da kotu cewa akwai dalili mai ma'ana na yarda cewa abin da ake nema yana wurin. Abubuwan da za a iya neman izini a kansu iri uku ne: abin da aka aikata laifi a kansa, kamar babur ɗin da aka sace, abin da zai zama shaidar laifi, kamar lambar babur da aka kwance aka ɓoye, da abin da ake shirin aikata laifi da shi.

Wanda zai sa hannu shi ne alƙalin babbar kotu, ko majistare, ko mutumin da gwamnati ta naɗa a hukumance ta ba shi wannan iko, irin waɗanda ake sa wa harufan JP a bayan suna. Sarautar mai unguwa ko ta hakimi ita kaɗai ba ta ba mutum wannan iko, haka ma shugabancin ƙaramar hukuma ko na 'yan banga. Ba a gayyatar mai gida zaman da ake neman takardar, domin in ya ji labari zai iya kawar da abin da ake nema. Wannan ya sa nauyin duka ya koma kan alƙali: shi kaɗai ne zai tambayi ɗan sandan wa ya gani, yaushe ya gani, me ya sa aka gaskata shi.

Abin da ya faru a Abuja ranar 29 ga Oktoba, 2021 ya nuna abin da ke biyo baya idan wannan tankaɗe ya yi rauni. A ranar, wasu mutane ɗauke da waranti daga wata kotun majistare da ke Wuse suka dira gidan Mai Shari'a Mary Odili ta Kotun Ƙoli a Maitama, bisa takardar rantsuwar wani mai tsegunta bayani da ya ce ana aikata abin da ya saɓa doka a wurin. Masu tsaron gidan suka ƙi buɗe musu. Adireshin da ke jikin takardar bai yi daidai da na gidan ba, kuma majistaren da ya sa hannu ya soke ta, yana cewa an yaudare shi. Ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ɗan jihar Kebbi, ya ce ba da saninsa aka yi ba, ko da yake da sunan wani kwamiti da aka jingina ga ma'aikatarsa aka nemi takardar. Bayan kamar mako biyu 'yan sanda suka gabatar da mutum 14 da suke zargi, har da wanda aka ce ya yi sojan gona a matsayin babban jami'in ɗan sanda.

Shekara uku kafin nan, a watan Satumba na 2018, 'yan sanda sun bincike gidan dattijo Edwin Clark a Abuja suna neman makamai bisa bayanin wani mai tsegumi. Ba su sami komai ba, rundunar ta ba shi haƙuri, aka kuma kori wasu daga cikin jami'an da suka yi aikin. Waɗannan manya ne masu murya, shi ya sa duniya ta ji. Darasin da ke ciki ga talaka shi ne takarda mai hatimin kotu ma tana iya tsayawa a kan ƙarya, kuma idan an bi ta ɓarawo, ya kamata a bi ta mabi sawu.

Abin da za a duba a bakin zaure

Mu koma Jega. 'Yan sanda huɗu sun tsaya a ƙofar ɗan kasuwar albasa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ɗora wa jami'in da ke jagorantar aikin abu uku: ya gabatar da kansa, in ba ya cikin kaki ya nuna katin aikinsa, ya nuna takardar izinin, ya ba mai gida kwafinta. In mai gida ba ya nan, wanda aka tarar yana kula da gidan shi za a yi wa haka, ko da matar gida ce ko babban ɗa.

Takardar da Turanci ake rubuta ta, don haka wanda bai iya ba ya nemi ɗansa ko maƙwabci ya karanta masa. Abin dubawa huɗu ne: sunan kotun da sa hannun alƙali, kwanan wata, gidan da aka ambata, da kayan da aka ce a nema. Batun gida shi ne ya fi wuya a garuruwanmu, inda gidaje da yawa ba su da lamba, sai dai a ce gidan wane, a unguwa kaza, kusa da masallaci kaza. Duk yadda aka kwatanta, dole kwatancen ya faɗa kan wannan gida. Takardar da aka rubuta don gidan wa ba ta buɗe gidan ƙane, ko da katanga ɗaya ta raba su. Haka nan a gidajen haya na ɗalibai da ke kewaye da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, kowane ɗaki mazaunin mai shi ne, kuma takardar da ta ambaci ɗaki ɗaya ba hujja ba ce ta bankaɗe sauran.

Idan gidan yana wajen yankin ikon kotun da ta ba da izinin, sashe na 151 ya ce mai ɗauke da takardar ya fara zuwa kotun da gidan ke ƙarƙashinta, ya yi aiki bisa umarninta. Game da lokaci kuwa, mutane da yawa sun riƙe cewa haramun ne a yi bincike da dare. Wannan fahimta ta samo asali ne daga tsohuwar dokar da ta yi aiki a kudancin ƙasar nan, wadda ta taƙaita aikin tsakanin ƙarfe 5 na asuba da 8 na dare sai in alƙali ya ba da umarni na musamman. Sashe na 148 na dokar 2015 ya cire wannan iyaka: ana iya bincike a kowane lokaci, a kowace rana, har ranar hutu. Takardar ba ta mutuwa sai an aiwatar da ita ko kotun ta soke ta, amma da zarar an yi binciken ta gama aiki. Ba a dawowa da ita bayan wata guda a ce za a ƙara dubawa.

In takardar ta cika, wajibi ne mai gida ya buɗe. In ya ƙi, doka ta yarda a ɓalle ƙofa bayan jami'an sun faɗi ko su wane ne da abin da ya kawo su. Tare hanya ko dambe da ɗan sanda a bakin aiki laifi ne mai zaman kansa, wanda Dokar 'Yan Sanda ta tanadar wa tarar naira 500,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Mai gida da ya ga aibu a takarda ya faɗe shi da baki a gaban shaidu, ya bar sauran ga kotu.

Shaidu biyu da matan kulle

Sashe na 149 ya ce a yi binciken a gaban shaidu biyu, sai in kotu ta ba da wani umarni saboda yanayin laifin. Wannan ba sabon abu ba ne a Arewa: tsohuwar dokar shari'ar laifuka da yankin ya yi aiki da ita tun 1960 ta ce a kira mutum biyu masu mutunci daga cikin maƙwabta. Sashe na 150 kuma ya ba mai gida, ko wakilinsa, damar tsayawa ya ga binciken da idonsa. Ba daidai ba ne a tsare shi a zaure ko a cikin mota alhali ana zazzage ɗakunansa. Amfanin shaidu ta fuska biyu ne: suna kare mai gida daga a jefa masa abin da ba nasa ba, suna kuma kare ɗan sanda daga a ce ya saci abin da bai taɓa ba. Saboda wannan dalili ne aka saba jami'ai su bari a laluba aljihunsu kafin su shiga. Al'adar aiki ce mai kyau, kuma mai gida yana iya roƙon a yi ta cikin ladabi.

Dokar ta san da kulle. Idan wurin da za a bincika mace ce a ciki wadda bisa al'ada ko addini ba ta fita bainar jama'a, dole a sanar da ita kafin a shiga, a ba ta dama da sukunin kaucewa. Kulle ba ya hana bincike, amma yana hana a faɗa wa mata ɗaki ba sallama. In ana zargin wata ta ɓoye wani abu a jikinta, mace 'yar'uwarta ce za ta laluba ta.

Akwai kuma iyakar da girman abin nema ke sawa. Babur ba ya shiga kwalla, ba ya shiga akwatin kayan amarya ko ƙarƙashin matashi. In babur kaɗai takardar ta ambata, wuraren dubawa su ne zaure, tsakar gida, ɗakuna, shago, rumbu da bayan gida. In ta haɗa da takardun babur da makulli da lamba, to an sami hujjar buɗe akwati da durowa. Wannan ne ya sa karanta jerin abin nema tun a ƙofa yake da amfani.

Me za a ɗauka, me za a bari

A ce an tarar da babur a wani ɗaki a bayan gida, an rufe shi da buhuna. Abu na farko shi ne a gwada lambar inji da ta jiki da abin da ke rasidin mai ƙorafi, domin babura iri ɗaya launi ɗaya sun cika gari. In lambobin sun dace, ko an ga alamar an kankare su, za a tafi da shi. Wannan shi ne rukuni na farko, wato abin da takardar ta ambata.

Rukuni na biyu shi ne abin da takardar ba ta ambata ba, amma aka ci karo da shi a cikin halattaccen bincike, kuma mallakarsa laifi ce ko akwai dalili mai ma'ana na ɗaukarsa shaidar laifi. In a ɗakin nan aka ga wasu babura biyu da aka kankare wa lamba, ko ƙunshin tabar wiwi, ko jabun kuɗi, ko bindiga marar lasisi, doka ba ta ce ɗan sanda ya rufe ido ba. Bindigar gargajiya ma tana buƙatar lasisi a ƙarƙashin dokar makamai, abin da manoma da mafarauta da yawa ba su sani ba. Sharaɗin shi ne dalilin ya kasance a fili tun lokacin ɗauka. Ba a kwashe kaya tukuna a je ofis a nemo musu laifi.

Rukuni na uku shi ne duk sauran abin da ke gidan, kuma nan ne aka fi cutar mutane. Ɗan kasuwarmu yana da buhu 40 na albasa a ajiye, da naira 600,000 na ciniki a akwati, matarsa tana da sarƙa da 'yan kunne na zinari, ga janareta da keken ɗinki. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da alaƙa da satar babur. Ajiye kuɗi a gida ba laifi ba ne, kuma a wurin mai saye da sayarwa a kasuwa irin ta Jega abu ne na yau da kullum. Ana iya ɗaukar kuɗi ne kawai in akwai dalilin danganta su da laifin, misali in mai ƙorafi ya ce an sayar da babur ɗin kuma ga wanda ya biya. Ko a nan, a ƙirga su a gaban shaidu, a rubuta adadi da irin takardun kuɗin.

Ba a ɗaukar kaya a matsayin jingina don mai gida ya kawo kansa, kamar yadda sashe na 7 ya hana kama wani a madadin wani. Ba a kuma ɗaukar kaya don biyan bashi. In rigimar ta kuɗin albasa ce da aka karɓa ba a biya ba, wannan shari'ar bashi ce, kuma sashe na 8 tare da Dokar 'Yan Sanda sun hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Manomin Maiyama da aka kwashe wa buhunan gero ko injin ban ruwa saboda wani mai bin sa bashi ya kai ƙara ofishin 'yan sanda, an yi masa abin da doka ba ta ba da izini ba.

Waya tana buƙatar bayani na musamman, domin ita ce abin da aka fi karɓewa daga matasa. Ana iya ɗaukarta in takardar ta ambace ta, ko in ita kanta ake zargin ta sata ce, ko akwai dalilin cewa da ita aka ƙulla laifin. Amma abin da ke cikinta, saƙonni da hotuna da bayanan banki, yana ƙarƙashin kariyar sashe na 37, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta tsara cewa a nemi izinin alƙali don samo shaida daga na'ura. Wayar ɗan mai gida da ke karatu a Aliero ba ta zama kayan shaida don kawai an same ta a gidan. A watan Oktoba na 2020 sufeto janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya fito fili ya hana jami'ansa binciken wayoyin mutane barkatai.

Takardar fita

Kafin a bar gidan, wanda ya yi binciken zai rubuta jerin duk abin da aka ɗauka da inda aka same shi. Shi da shaidu za su sa hannu, a ba mai gida kwafi, a kuma aika wani kwafin ga alƙalin da ya ba da izinin, kamar yadda sashe na 153 ya tanada. Jeri mai kyau yana faɗin abu dalla-dalla: babur ɗaya, kamfani kaza, launi kaza, lambar inji kaza, an same shi a ɗakin baya. Jerin da ya ce "wasu kuɗi" ko "kayayyaki daban-daban" ƙofar ɓata ce. Mai gida kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a farar takarda, ko a kan jerin da ba a karanta masa ba. In an ƙi ba shi kwafi, ya zauna da shaidun nan take su rubuta nasu, da sunayen jami'an da lambobin da ke ƙirjinsu da ofishin da suka fito.

Ɗaukar kaya ba ya mayar da su mallakar hukuma. Sashe na 44 na kundin tsarin mulki ya yarda ne da riƙe dukiya na ɗan lokaci don bincike. Wajibi ne 'yan sanda su adana abin da suka ɗauka har zuwa shari'a, kuma kotu ce ke yanke wa za a ba. In kayan masu lalacewa ne, sashe na 154 ya ba kotu ikon yin umarni a kansu tun kafin a gama shari'a. Wannan ya shafi yankinmu kai tsaye, domin albasar da aka jibge a harabar ofis cikin rana ba za ta jira ɗage zama uku ba. A irin wannan hali a gaggauta neman kotu ta ba da umarnin sayarwa a ajiye kuɗin, ko a damƙa kayan ga mai su.

Ga kayan da aka karɓa daga hannun wanda aka kama, sashe na 10 ya ba 'yan sanda damar sakin su ga mai su bisa takardar alkawarin kawo su idan an buƙata. In sun ƙi, sai su kai rahoto kotu ta yanke. In kuma an saki mutum ba tare da an gurfanar da shi ba, a mayar masa da kayansa, matuƙar ba su da alaƙa da laifi. Ɗan kabu-kabun Aliero ma ta irin wannan hanya zai nemi a ba shi babur ɗinsa ya ci gaba da neman abinci kafin a kammala shari'a.

Inda ake shiga ba takarda

Akwai 'yan wurare da doka ta yarda a shiga gida ba waranti. In wanda ake da ikon kamawa ya gudu ya faɗa wani gida, sashe na 12 ya yarda a bi shi, amma wannan izinin neman mutum ne, ba na zazzage akwatuna ba. In majistare da kansa yana wurin, yana iya umartar a yi bincike a gabansa. Wasu hukumomi, irin su ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi da ta kwastan, dokokinsu sun ba su iko mai faɗi a fagen aikinsu. Sai kuma yardar mai gida, wadda ita ce ƙofar da aka fi bi. Wanda aka ce masa "za mu ɗan duba" ya ce bismilla, ya ba da izini da bakinsa. Yana da damar cewa, cikin girmamawa, "Ranka ya daɗe, a zo da takardar kotu, zan buɗe."

Idan an karya ƙa'ida

Nan ne mutane da yawa ke mamaki. A Najeriya, binciken da ya saɓa doka ba ya rushe shaidar da aka samo kai tsaye. A shari'ar Musa Sadau ta 1968, wadda ta taso daga Arewa a kan jabun takardun lasisin mota, an yi jayayya cewa ba a bi ƙa'idar binciken gida yadda doka ta tsara ba, amma Kotun Ƙoli ta ce shaidar da ta shafi shari'a karɓaɓɓiya ce ko da an yi kuskure wajen samo ta. Sashe na 14 da na 15 na Dokar Shaida ta 2011 sun ɗan sassauta wannan matsayi: alƙali yana iya watsi da shaidar in ya auna ya ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta, yana duba nauyin laifin, da girman saɓa dokar, da ko da gangan aka yi.

Ma'anar wannan a misalinmu ita ce, in babur ɗin na sata ne, rashin shaidu biyu ba lallai ya kuɓutar da ɗan kasuwar ba. Abin da rashin shaidu da rashin jeri ke yi shi ne ba lauyansa damar tambayar yadda aka tabbatar a ɗakinsa aka samo abin. Ga wanda aka shiga gidansa ba izini, ko aka kwashe masa kayan da ba su shafi komai ba, hanya ita ce ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a ƙarƙashin sashe na 46 na kundin tsarin mulki, a Babbar Kotun Jiha ko Babbar Kotun Tarayya da ke Birnin Kebbi, inda zai nemi a mayar masa da kayansa a kuma biya shi diyya. Marar hali yana iya tuntuɓar ofishin Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a babban birnin jihar. Ana kuma iya rubuta koke ga kwamishinan 'yan sanda na jiha ko Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda.

Duk inda aka kai kuka, tambayoyin farko iri ɗaya ne: wace kotu ce ta ba da izini, ranar nawa ga wata, su wa suka shaida, ina jerin kayan. Wanda ya riƙe kwafin waranti da kwafin jeri da sunayen maƙwabta biyu yana da abin da alƙali zai duba. Wanda bai riƙe komai ba, maganarsa ce kawai za ta kara da ta jami'ai huɗu.